Barasar da ke ɓoye cikin maganin tari, ruwan kurkurar baki, filebo da giyar "0.0": tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mutanen da ba sa shan giya kuma ba sa son ta shiga cikinsu ta bayan gida. Wasu saboda addini ne, wasu sun taɓa sha sun tuba suna tsoron komawa, wasu masu juna biyu ne, wasu kuma magani suke sha wanda ba ya jituwa da barasa. Dalilan nan ba ɗaya ba ne, don haka amsar ma takan bambanta daga mutum zuwa mutum. An sa wa tambayoyin lamba domin a riƙa komawa daga wannan zuwa waccan.

1. Duk inda na ga an rubuta Alcohol a jikin kwalba, giya ke nan?

A'a. A wajen masana sinadarai kalmar sunan dangi ne mai 'ya'ya da yawa, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu ake sha a bugu: etanol. Shi ne ke cikin burkutu, bammi, giyar kwalba da ogogoro. A jikin kwali za ka gan shi da sunan Ethanol, Ethyl alcohol, ko kuma Alcohol shi kaɗai ba tare da wata kalma a gabansa ba. A wannan shafin duk inda muka ce barasa, shi muke nufi.

Sauran dangin ba giya ba ne. Cetyl alcohol da Stearyl alcohol da ake gani a man shafawa da man gashi abubuwa ne masu kama da kakin zuma, ana samo su daga mai. Sorbitol, Xylitol da Mannitol masu zaƙi ne, ana sa su a cingam da maganin tari na masu ciwon suga, kuma iyakar illarsu idan an sha da yawa su sa gudawa. Akwai kuma biyu da guba ne tsantsa: Methanol da Isopropyl alcohol. Na farkon shi ne ke makantar da mutane ko ya kashe su idan ya shiga giyar da aka dafa a ɓoye.

2. To me ya kai barasa cikin maganin tari tun farko?

Aiki take yi, ba don maye ake zuba ta ba. Akwai sinadaran magani da ba sa narkewa a ruwa, irin su mantol da man wasu itatuwa masu ƙamshi, amma suna narkewa a barasa nan take. Sannan tana hana ƙwayoyin cuta da fumfuna tsirowa a cikin kwalbar da aka buɗe aka ajiye a ɗaki mai zafi. Ita ce kuma hanya mafi sauƙi ta tatso amfanin saiwa ko ganye, shi ya sa magungunan da aka rubuta wa Tincture ko Elixir galibi suna ɗauke da ita.

Yawanta ya bambanta ƙwarai. Wani maganin babu ko ɗigo, wani kashi 1 ko 2 cikin 100, wani kuma ya kai 10, kamar maganin mura na dare mai suna NyQuil da ake sayarwa a Amurka. Dokar Amurka ta ƙayyade wa magungunan sha da ake saye ba tare da takardar likita ba: kada su wuce kashi 10 ga manya da 'yan shekara 12 zuwa sama, kashi 5 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, da kashi 0.5 ga waɗanda ba su kai 6 ba. Wannan doka tasu ce, amma ma'auni ne mai kyau da uwa za ta iya riƙewa idan tana duba kwalba a kemis.

3. Idan na sha cokali biyu, nawa ne ya shiga jikina?

Wannan lissafi ne da kowa zai iya yi a kan takarda, kuma shi ne ginshiƙin yawancin amsoshin da ke ƙasa. Ka ɗauki yawan abin da za ka sha a mililita, ka ninka da kashin da aka rubuta, ka raba da 100. Abin da ya fito shi ne mililitar barasa tsantsa. Idan kana son nauyinta a giram, ka ninka da 0.8, domin barasa ta fi ruwa rashin nauyi.

Mu ɗauki magidanci da aka ba maganin tari mai 5% v/v, wato kashi 5 cikin 100 na ruwan barasa ce, aka ce ya sha mililita 10 sau uku a rana. Mililita 10 sau 5, a raba da 100, ya ba da rabin mililita, wato kusan giram 0.4 a kowane sha. A yini guda ya sha mililita ɗaya da rabi. Gwangwanin giya na mililita 330 mai kashi 5 kuwa yana ɗauke da mililita 16.5, kusan giram 13. Ke nan sai ya sha maganin sau 33 a zama ɗaya kafin ya kamo gwangwani guda, alhali kwalbar maganin gaba ɗayanta, idan ta mililita 100 ce, sha goma ce kawai a ciki. Hantar babban mutum mai lafiya tana iya sarrafa kimanin giram 7 a awa, don haka giram 0.4 ba ya daɗewa a jini balle ya taɓa hankali.

Amma a lura da abin da lissafin bai faɗa ba. Bai ce komai game da jariri mai nauyin kilo huɗu ba, bai kuma yi maganar wanda ɗanɗanon kaɗai ke iya tayar masa da tsohuwar sha'awa ba. Waɗannan suna tambaya ta 11 da ta 12.

4. Ta yaya zan gane akwai ta tun ina kemis?

Kada ka tsaya a gaban kwali inda aka jera manyan sinadaran maganin. Barasa galibi ba ta cikin wannan jerin, domin ba ita ce maganin ba. Ka juya gefe ko baya ka nemi inda aka rubuta Excipients ko Inactive ingredients, ko ka zaro 'yar takardar da ke naɗe a ciki ka duba ƙarshenta. A kayan da suka shigo ta Nijar, Kamaru ko Chadi da rubutun Faransanci, za ka ga Éthanol ko Alcool, maras ita kuma Sans alcool. Wani lokaci ba a rubuta kashi ba sai a ce miligiram kaza a kowane mililita 5. Miligiram 200 a mililita 5, alal misali, ya yi daidai da kusan kashi 5 cikin 100.

Idan kwalin bai faɗi komai ba, ka tambayi mai harhaɗa magunguna kai tsaye: "Akwai irinsa marar barasa?" Kusan kullum akwai, ko na ruwa, ko ƙwaya, ko na tsotsa. Shinshina kwalba ba hujja ba ce, domin ƙamshin mantol da zafinsa suna rufe komai.

5. Hadisi ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ba shi ke nan an gama magana ba?

Hadisin ingantacce ne, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi, kuma yana tafiya da wanda ke cikin Muslim cewa duk mai sa maye giya ne, duk giya kuwa haramun ce. Inda ake samun ruɗani shi ne a kan me "abin" yake komawa. Malamai da yawa sun yi bayanin cewa yana komawa ne ga abin shan da ke hannunka yadda yake. Kurɓi ɗaya na burkutu haramun ne, domin ƙwarya biyar ɗinsa tana bugarwa. Amma lemon kwalba da aka narkar da ɗanɗanonsa da ɗigon barasa, ko ka sha har cikinka ya ƙi karɓa ba za ka bugu ba, don haka mai yawansa ba ya bugarwa. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira istihlaki, wato ƙaramin abu ya nitse cikin mai yawa har ba a jin ɗanɗanonsa, launinsa ko tasirinsa.

Akwai malaman da suka fi tsanantawa, musamman idan da gangan aka zuba barasar, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta ba a bambanta giyar inabi da ta dawa ko ta rake: duk mai sa maye hukuncinsa ɗaya. Hukumomin da ke ba da shaidar halal sun yi ƙoƙarin sa wa abin lamba. Majalisar Malaman Indonesiya a fatawarta ta 2018 ta ɗauki abin shan da ya kai kashi 0.5 a matsayin giya. Kwamitin fatawa na ƙasar Malesiya a 2011 ya halatta lemon da ba a yi shi da nufin giya ba idan bai kai kashi 1 ba. Waɗannan lambobi ijtihadi ne na masana, ba nassi ba, shi ya sa suka saɓa. Abin da suka haɗu a kai ya fi lambar muhimmanci: ana duba asalin barasar, da nufin da aka yi abin shan da shi, da ko yana iya bugarwa.

6. Likita ya rubuta mini magani, na duba na ga akwai barasa. In sha ko in bari?

Ka fara neman madadinsa kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 4. Idan babu, manyan majalisun fiƙihu biyu sun yi magana a kan wannan. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986, da ta Rabiɗa a zamanta na Makka a 2002, duk sun halatta wa maras lafiya shan maganin da ke da ɗan kashi na barasa idan ba a sami wani ba kuma amintaccen likita ne ya rubuta. Ta Makka ta ƙara da cewa ba a yin magani da giya tsantsa ko ta halin ƙaƙa, bisa hadisin da Annabi (SAW) ya ce wa mai tambaya ita ba magani ba ce, cuta ce. Ta kuma yi kira ga kamfanoni da likitoci su guje mata gwargwadon iko.

Abin da nake roƙo shi ne kada mutum ya yanke maganin farfaɗiya, na zuciya ko na wata cuta mai tsanani da kansa don ya ga kalmar a takarda. Ya koma wa likitan ya ce a canza masa. Tari na mura kuwa, wanda galibi yakan warke da kansa cikin mako biyu zuwa uku, bai kai lalurar da za a ce dole sai mai barasa ba. Ruwan ɗumi da zuma suna sauƙaƙa shi, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma.

7. Ruwan kurkurar baki fa? Ai tofarwa ake yi.

A nan ne barasar ta fi yawa, fiye da yadda mutane ke zato. Listerine na asali, mai ruwan ɗorawa, yana da kashi 26.9, mai launin shuɗi na Cool Mint kuma 21.6. Wannan ya ninka giyar gwangwani sau huɗu zuwa biyar. Murfi ɗaya na mililita 20 na mai ruwan ɗorawan yana ɗauke da fiye da mililita 5 na barasa, kwalbar rabin lita kuwa ta kai gwangwanin giya takwas. Gaskiya ne wanda ya kurkura ya tofar, abin da ke wucewa cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Haɗarin yana ga yaron da ya ga ruwa mai launi da ƙamshin minti a bakin famfo ya ɗaga ya kwankwaɗa, da kuma mai fama da jarabar giya wanda kwalbar ke kallonsa safe da yamma.

Ta fuskar tsarki, jumhurun malamai suna ganin giya najasa ce, yayin da wasu, irin su Rabi'a malamin Imamu Malik, da Shaukani daga baya, suke ganin haramcin shanta bai mai da ita najasar da ake wankewa ba. Mai son fita daga saɓani ba shi da wahala a nan, domin abin da ke yaƙar ƙwayoyin cutar baki a yawancin waɗannan ruwaye wasu sinadarai ne daban, kuma kusan kowane kamfani yana da nau'in da aka rubuta wa Alcohol free ko Zero. Mai bushewar baki ko gyambon baki ma wannan ya fi masa, don mai barasar yana ƙara raɗaɗi. Mai azumi ya bar kurkurar zuwa bayan buɗa baki ko kafin alfijir, ya riƙe asuwakinsa da rana.

Direbobi su san wani abu guda: idan aka sa mutum ya hura na'urar gwajin barasa jim kaɗan bayan ya kurkure baki da irin wannan ruwa, tana iya nuna lamba mai yawa ko da bai sha komai ba. Barasar da ta maƙale a baki ce, kuma takan gushe cikin kamar minti 15. Sai ya nemi a jira a sake gwadawa.

8. Ina yin kek da cincin na sayarwa. Filebon da nake zubawa yana da barasa? Wuta ba ta ƙone ta?

Ya danganta da wanda kike saye. Wanda aka rubuta wa Pure vanilla extract, musamman ɗan Amurka, dokarsu ta wajabta kada barasarsa ta gaza kashi 35, domin da ita ake tatso ƙamshin daga kwanson banila. Ƙananan kwalaben filebo masu araha da suka cika kasuwanninmu da yawansu an narkar da su ne a Propylene glycol ko Glycerin, wasu kuma da barasa, don haka sai kin karanta kowace kwalba. Ki lura musamman da na lemon tsami, na almon da na minti, domin mansu ba ya narkewa a ruwa. Garin banila da sukarin banila na 'yar fakiti galibi ba su da wannan matsala.

Batun wuta kuwa, zancen cewa tana ƙone barasa ƙurmus ba daidai ba ne. Wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 1992 ya auna abincin da aka dafa da barasa: bayan minti 15 a wuta kusan kashi 40 na abin da aka zuba yana nan, bayan rabin awa kashi 35, bayan awa guda kashi 25, sai bayan awa biyu da rabi ya sauko zuwa kashi 5. Mu auna da kek ɗinki. Cokalin shayi ɗaya, mililita 5, na banila mai kashi 35 yana da mililita 1.75. Idan kek ɗin ya yi rabin awa a oben kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ya rage, saura kamar mililita 0.6. Ki yanka shi gida goma sha biyu, kowane yanka ya tashi da 0.05, wato kimanin ɗigo ɗaya. Wannan shi ne irin abin da malaman da ke magana da istihlaki suke ɗauke kai a kansa, duba tambaya ta 5.

Duk da haka, ga mai sana'a shawarata ita ce ki sayi marar barasa. Masu sayen kayanki sun amince da ke ne, a cikinsu akwai mai bin ra'ayin da ya fi tsanani, kuma bambancin kuɗin ba shi da yawa. Abin da bai shiga wannan sassauci ba shi ne kek ɗin biki da ake jiƙa 'ya'yan itacensa a giyar ram ko birandi, ko a yayyafa masa ita bayan ya fito daga wuta. Wannan giya ce aka zuba don a ji ta. Haka cakulan da aka rubuta wa Liqueur. Cocoa liquor kuwa niƙaƙƙen koko ne kawai, babu barasa a cikinsa.

9. Giyar da aka rubuta wa 0.0 ko "marar barasa", da gaske babu komai a ciki?

Rubutun ba ma'anarsa ɗaya ba a ko'ina. A Amurka, Non-alcoholic yana nufin ƙasa da kashi 0.5. A Jamus ma abin da ake kira marar barasa yana iya kai wa 0.5. A Ingila ƙa'idar gwamnati ita ce Alcohol free kada ya wuce 0.05. Masu rubuta 0.0 galibi suna ƙasa da wannan 0.05 ɗin. Da lissafin tambaya ta 3, gwangwanin mililita 330 mai 0.5 yana da mililita 1.65, wato sai goma suke daidai da giya ɗaya ta sosai. Mai 0.05 kuwa sai ɗari. Babu mai buguwa da ɗayansu, domin hanta tana share abin da ya shiga kafin ciki ya karɓi na gaba.

Yadda ake yin su iri biyu ne, kuma bambancin yana da nauyi ga Musulmi. Hanya ta farko, a dafa giya cikakkiya da yis har ta yi ƙarfi, sannan a cire barasar, ko ta hanyar ɗumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska don barasar ta tashi ba tare da an ƙona ɗanɗanon ba, ko ta tace ta a matsi mai ƙarfi. Hanya ta biyu, a hana ta zama giya tun farko: a tsayar da yis da wuri, ko a yi amfani da nau'in da ba ya iya cin yawancin sukarin sha'ir.

10. To halal ce? Kuma me ya bambanta ta da Maltina da muke sha a biki?

Lemon malt irin su Maltina, Malta Guinness da Amstel Malta ruwan tsiron hatsi ne da aka dafa aka sa wa sukari da iskar gas, ba a bar shi ya tsima ya zama giya ba. Kasancewar kamfanin giya ne ke yin su wata magana ce daban: wasu suna ƙaurace musu don ba sa son kuɗinsu ya shiga can, kuma wannan zaɓi ne da ya cancanci girmamawa, amma ba batun abin da ke cikin kwalbar ba ne.

Giyar da aka cire wa barasa kuwa, fatawar Malesiya ta 2011 da aka ambata a tambaya ta 5 ta haramta duk abin shan da aka bi hanyar yin giya wajen yin sa, ko da an tsame barasar daga baya. A Indonesiya ba a ba da shaidar halal ga abin da ke ɗauke da suna ko ɗanɗanon giya. Akwai malaman da suka halatta ta bisa hujjar cewa illar haramcin ita ce maye, kuma ya gushe. A ganina ra'ayin farko ya fi kusa da abin da mai gudun giya yake nema. An yi wannan abin sha ne domin ya yi kama da giya a launi, kumfa, ɗaci da kwalba, har da tambarin kamfanin, kuma saurayin da bakinsa ya saba da wannan ɗaci an rage masa nisan da ke tsakaninsa da ta sosai. Ga kuma zargin da mutum ke jawo wa kansa idan aka gan shi da koren gwangwani a hannu, don ba kowa ne zai matso ya karanta lambar ba.

11. Na daina shan giya bayan na daɗe ina fama. Wanne ne ya fi zama haɗari gare ni?

Allah ya ƙara tabbatar da kai. A wajenka lissafin mililita ba shi ne ma'auni ba. Ƙwaƙwalwar da ta saba da giya tana amsa ƙamshi, ɗanɗano, ƙarar buɗe gwangwani da irin wurin zaman da aka saba, kuma waɗannan kaɗai suna iya tayar da ƙishirwar da ta kwanta. Saboda haka giyar 0.0 ita ce ta farko da zan ce ka nisanta, ko da babu ɗigon barasa a cikinta. Ta biyu ruwan kurkurar baki mai barasa: kada ya kwana a gidanka. Ta uku maganin tari na ruwa, ka nemi ƙwaya a maimakonsa, kuma ka gaya wa likita tarihinka ba tare da jin kunya ba domin ya san abin da zai rubuta. Ɗigon banila a cikin kek ba shi ne abin tsoro ba, kwalbar banilar da ke kicin ita ce.

Idan an ɗora ka a kan maganin Disulfiram da ake ba masu son barin giya, to maganar ta wuce sha'awa ta koma haɗarin jiki. Maganin yana toshe hanyar da hanta ke bi ta gama sarrafa barasa, sai wani sinadari mai guba ya taru a jini: fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga amai da ciwon kai, jini kuma yana iya sauka. Ɗan abin da ke cikin maganin tari ko ruwan kurkurar baki yana iya tayar da wannan, kuma tasirin maganin yana iya kai wa mako biyu bayan an daina sha. Masu shan Metronidazole, wanda aka fi sani da Filajil, su ma ana gargaɗinsu su guji barasa lokacin shan sa da aƙalla kwana biyu bayan gamawa. Haka mai ciwon hanta ko ciwon saifar suga, wato fankiriyas, ya nemi marar barasa a komai.

12. Mai ciki da ƙananan yara fa?

Barasa tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi, kuma likitoci ba su sa wani adadi da suka ce shi ne amintacce ba, shi ya sa shawarar ita ce a bar ta gaba ɗaya. Wadda ta sha cokali biyu na maganin tari kafin ta duba kwali kada ta tayar da hankalinta, adadin ƙanƙane ne kamar yadda tambaya ta 3 ta nuna. Ta dai canza magani, ta kuma bar shan kowane maganin tari ba tare da ta tambaya a asibiti ba, domin sauran sinadaran da ke ciki ma abin dubawa ne.

Yara hantarsu ba ta ƙosa ba, kuma barasa tana iya faɗar musu da sukarin jini. Idan yaro ya sha ruwan kurkurar baki, turare ko man wanke hannu na sanitaiza, sai ka ga yana layi, yana barcin da ba a saba ba, jikinsa ya yi sanyi, ko ya fara jijjiga. Kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jira. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar a tafi asibiti da ita.

13. An ce kunun zaƙi, zoɓo da fura ma suna da barasa idan sun kwana. Gaskiya ne?

Duk inda sukari, ruwa da ɗumi suka haɗu, yis ɗin da ke yawo a iska zai fara aikinsa. Ayabar da ta nuna sosai, burodi da ruwan 'ya'yan itace na kwali duk suna da ɗan burbushi, kuma ba wanda ya haramta su. Tsamin fura da nono da na kunun da aka yi yau yawancinsa aikin wasu ƙwayoyin halitta ne masu samar da tsami. Amma zoɓo ko kunu mai sukari da aka toshe a gora aka bari a zafi yana tafiya ne zuwa ga giya. Alamominsa a bayyane suke: gorar ta kumbura ta yi tauri, ta yi tsaki idan an buɗe, kumfa na tasowa daga ƙasa, zaƙin ya ragu, wari mai hawa hanci ya shigo. A hadisin Ibn Abbas da ke cikin Muslim, ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a ba wani ya shanye ko a zubar. A zafin bazarar Sakkwato ko Maiduguri, ba tare da firij ba, abin sha yana iya juyawa tun kafin wannan lokaci, don haka alamun za a bi.

14. Idan kwalba ta ce babu barasa, shi ke nan na tsira?

Ba lallai ba. Abin da ya lalata matasa da matan aure da yawa a Arewa ta hanyar maganin tari kodin ne, wanda gwamnatin Najeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a watan Mayun 2018. Kwalba tana iya zama marar barasa amma tana da kodin, ko Dextromethorphan, ko Diphenhydramine, waɗanda duk suna gusar da hankali idan an wuce ƙa'ida, kuma shan su don maye hukuncinsa hukuncin maye ne. Sannan sinadaran da ake maye gurbin barasa da su, waɗanda aka ambata a tambaya ta 8, idan aka sayo gurɓatattu masu Diethylene glycol suna kashe ƙoda. Wannan ne ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya ta hanyar maganin haƙori na My Pikin a 2008 zuwa 2009, da yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Ka sayi magani a kemis mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

A ɗaya gefen kuma akwai kwalaben da ba sa ɓoye barasarsu amma ana sayar da su da sunan magani: bitas ɗin da ake tallatawa a tasha don ciwon baya, basir ko ƙarfin maza, a 'yan ƙananan robobi da leda. Da yawansu suna da kashi 30 zuwa 40, kusan daidai da wiski, kuma an rubuta a jiki da ƙananan haruffa. Roba ɗaya ta mililita 100 mai kashi 30 tana da mililita 30 na barasa, kusan gwangwanin giya biyu. Haka jiƙon saiwoyi da wasu masu maganin gargajiya ke yi a ogogoro. Idan za ka karɓi tsimi ko jiƙo daga hannun wanda ba ka sani ba, ka tambaye shi a cikin me ya jiƙa, a ruwa ko a wani abu.